Littafin awo da ya raba ni da sigari

Shekara 14 ina shan sigari, kara 15 a rana, wani lokacin har fiye. Sau uku na yi alƙawarin bari, duka cikin azumi. Zan wuni baki a rufe lafiya lau, amma da an sha ruwa, kafin kunu ya huce ina bayan layi da ashana a hannu. Niyya ina da ita. Abin da ban sani ba shi ne me ke kai hannuna aljihu.

Ni tela ne a Tudun Wada. A wannan karon na tsayar da rana, kwana 12 gaba, wata Juma'a, saboda rabin wuni nake yi a shago. Na guji makonnin kafin Sallah da gangan, don mai kwana a kan keke yana fama da masu kaya ba zai jure ba. Kuma ban wuce mako biyu ba, tunda ranar da ta yi nisa zafinta hucewa yake yi. Na gaya wa mai ɗakina da yarana na shago.

Mako guda ban rage komai ba, rubutu kawai na yi a bayan littafin awo. Duk karan da na kunna sai in sa lokaci, wuri, wa ke kusa da ni, da ƙarfin jarabar daga 1 zuwa 5. Da na duba sai jikina ya yi sanyi. Cikin 15, huɗu ne kawai suka kai 4 ko 5: na bayan Asuba, na bayan tuwon rana, na wurin mai shayi, da na kafin kwanciya. Sauran duk sabo ne. An ɗauke wuta, keke ya tsaya, in fita in kunna. Waya ta yi tsawo, in kunna.

Gaban kowanne na rubuta abin da zan yi takamaimai, domin "zan daure" ba dabara ba ce. Bayan Asuba, in zauna a masallaci har gari ya waye. Bayan abinci, in tashi nan take in kama asawaki. In an ɗauke wuta, in ɗauki almakashi in shiga yanka, hannu kada ya zauna banza. Majalisar mai shayi kuwa na ƙaurace mata wata guda, kuma ita ta fi ci mini rai, don can abokaina suke. Daren Alhamis na zubar da kwali, leta da gwangwanin toka. Na je wurin mai teburin bakin layi na ce, "Baba, ko na roƙe ka, kada ka ba ni." Ya ce, "Allah ya ba ka iko, ɗana."

Jarabar tana zuwa kamar ba za ta tafi ba, amma na auna ta da agogon bango: minti uku zuwa biyar, ta yi yawa goma, sai ta lafa ko na sha ko ban sha ba. Don haka aikina bai wuce in ci waɗannan mintuna ba. In kurɓi ruwan sanyi a hankali, in ja numfashi mai zurfi sau goma, in jefa kanumfari a baki, in taka zuwa ƙarshen layi in dawo. Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani: ciwon kai, saurin fushi, ɗinki yana karkacewa. Bayan mako biyu abin ya fara sauƙi.

Kuskure ɗaya na tafka. Na maye gurbin sigari da goro da shayi mai kauri, sai barci ya ƙaurace mini, gabana yana ta faɗuwa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta bayyana mini cewa hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu, to in an daina, goron da ka saba ci sai ya yi maka yawa. Na rage rabi, na daina ci bayan La'asar.

A kwana na 19 na faɗi. Wani mai kaya ya zazzage ni a gaban yarana kan babbar rigar da ta makara. Ban san lokacin da na tsallaka wani layi na sayi kara ɗaya ba. Na zuƙe rabi, na taka sauran. Da na buɗe littafin sai na ga babu ɓacin rai a jerin, don makon da na yi rubutu ba wanda ya ɓata mini. A da, nan zan ce an gama, in sayi kwali. Ranar sai na ƙara layi: in rai ya ɓaci, alwala, sannan in kira yayana kafin in taka ƙofar shago.

Wata bakwai ke nan. Na koma wurin mai shayi, amma a ƙarshen benci nake zama, inda iska ke kai hayaƙin wani gefe, da kanumfari biyu a aljihun gaba.