Firem uku ne tsakanin ƙwallo da ƙafa

'Yan'uwa masu ɗaukar wasa da waya, jiya Asabar na samu abin da na yi wata biyu ina nema, wato hanyar gane ko ƙwallo aka fara taɓawa ko ƙafa, amma bari in fara da kunyar da na sha, don ita ta kai ni nan.

Kunyar ta faru ne a wasan kusa da na ƙarshe na gasar unguwarmu. Saura minti kaɗan a tashi ɗan gaba ya shiga yadi na sha takwas, ɗan baya ya zamo masa ta ƙasa, rafali ya busa fenareti. Fili ya rikice. Da dare kowa ya dawo kaina, tunda ni ke tsaye da waya a bakin layi: ƙwallo ya fara taɓawa ko ƙafa? Na jefa bidiyon cikin wata manhajar gyara, na rage gudu zuwa kashi ɗaya cikin takwas, na kunna abin nan da ke sa sulo ta yi santsi. Sai ga takalmin ɗan baya yana shafar ƙwallo, tas. Na tura guruf da cika baki, na ce rafali ya zalunci yaro.

Kwana biyu bayan nan na buɗe ainihin bidiyon a manhajar kallon bidiyo ta VLC ina danna E, firem ɗaya bayan ɗaya. Hoton da na kafa hujja da shi babu shi. A firem ɗin farko takalmi bai iso ba, a na biye ɗan gaba ya riga ya fara kifewa, ƙwallo ta kauce. Abin da ke tsakani manhajar ce ta zana shi da kanta, ta dubi hoto na gaba da na baya ta yi hasashe. Da na zura ido ma na ga alamar: gefen takalmin ya narke kamar kitse a rana, layin farin ƙasa da ke bayansa ya lanƙwashe. Na je har shagon rafalin na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na yi maka ƙage da hoton da kyamara ba ta ɗauka ba." Dariya ya yi, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Lissafin da ya kamata in yi tun farko ba shi da wuya. Na ɗauka a 30 fps, wato tsakanin hoto da hoto akwai kashi ɗaya cikin 30 na sakan. Ƙafar da ke zamowa da gudun mita 6 a sakan tana cin santimita 20 a wannan tazarar, faɗin ƙwallo kuwa wajen santimita 22 ne. Ke nan ƙafa za ta iya tafiyar kusan faɗin ƙwallo guda kyamara ba ta gani ba. Ko ka rage gudun bidiyon ya koma tafiyar hawainiya, hotuna 30 ɗin nan dai su ne a hannunka.

Na koma 120 fps, inda tazarar ta ragu zuwa santimita 5, na ɗauka magana ta ƙare. Ina! A nan na fi daɗewa. Wasanninmu bayan la'asar ake yi, rana na yin sanyi waya ta riƙa barin shota a buɗe iyakar abin da za ta iya, wato 1/120. Ƙafa sai ta fito kamar an goge ta da tsumma, jirwayen santimita 5, na wannan firem ya haɗe da na wancan. Ga hotuna da yawa, amma ba ka iya nuna inda bakin takalmi ya tsaya. Mako uku ina zargin wayar. Ashe sai na shiga saitin Pro na kyamarar wayar na kulle shota a 1/500, jirwayen ya koma santimita ɗaya da 'yan kai. Hoton ya yi duhu, ISO ya hau, tsakuwa-tsakuwa ta cika shi, babu kyan gani ko kaɗan, amma gefen kowane abu ya fito. Idan magariba ta gabato kuma babu dabara, sai dai in haƙura.

Na kuma gwada sauti, wai in ji ƙarar "ɗaf" ɗin ƙwallo in san lokacin taɓawa. Kada ku ɓata lokacinku. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan, in kana nesa da mita 34 zai makara da kashi ɗaya cikin 10 na sakan, firem 12 ke nan a 120.

To jiya aka sake irin wancan zamiyar, kusan a wuri ɗaya. Kafin in ce uffan na duba abin da fayil ɗin ke ɗauke da shi, don wasu wayoyi suna ajiye sulo da lambar 30 alhali a 120 suka ɗauka, wanda aka tura ta guruf kuwa an riga an matse shi. Ga umarni biyu da na yi amfani da su, na farko ya nuna fps ɗin fayil, na biyu ya ciro hotunan sakan ɗaya daga sakan na 41:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=avg_frame_rate wasa.mp4
ffmpeg -ss 41 -i wasa.mp4 -t 1 -fps_mode passthrough f_%03d.png
```

Hotuna 120 suka zubo. Wannan karon ban tsaya kallon takalmi ba, ƙwallon na bi. Daga hoto na 50 zuwa na 57 tana matsawa da tazara iri ɗaya, zanen jikinta yana juyawa gaba. A na 58 tazarar ta canza, zanen ya karkata hagu. An taɓa ta ke nan. Sannan na koma kan ƙafar ɗan gaba: safarsa a miƙe take har na 60, a na 61 ta lotsa, idon sawu ya fara karkacewa. Firem uku, kashi 25 cikin 1000 na sakan. A 30 fps duka biyun suna iya faɗawa rami ɗaya, in sake komawa gidan jiya. Kuma ko da na yi kuskuren firem ɗaya a kowane ɓangare, ƙwallo ce dai a gaba. Da tazarar firem ɗaya ce da na ja bakina na yi shiru.

Sai dai murna ta so ta sake kai ni ta baro. Taɓa ƙwallo da farko ba ya wanke mutum in ya shigo da ganganci. A sulo kuma kowace zamiya kama take da mugunta, sai ka ga kamar yaron ya zauna ya yi shawara kafin ya miƙa ƙafa, alhali ko ƙiftawar ido bai samu ba. Ƙa'idar VAR ta hukumar IFAB ma haka ta raba su: sulo don tabbatar da abu kamar wurin da aka taɓa, gudun asali don auna ƙarfin ƙeta. Na kalla sau biyar a gudun asali. Ƙafar ɗan bayan a ƙasa take, ƙusoshin takalmi ba su ɗago ba. Rafali bai busa ba, kuma ya yi daidai.

Abin da ya ci min aljihu shi ne wurin ajiya. Rabin wasa a 120 ya cinye wayar, ta yi zafi kamar kaskon ƙosai, dole na goge hotunan bikin ƙanwata bayan na kwashe su, na kuma sayi sandar kafa waya naira dubu 18 don rawar hannu na ɓata min bin ƙwallo. Har yanzu akwai inda nake makale: daga bakin layi, ƙafar da ta wuce ta gaban wata ƙafa da tazarar taƙi guda tana kama da wadda ta taɓa. Mako mai zuwa zan ari wayar ƙanena in kafa ta bayan raga, in tafa hannu sau ɗaya a gaban wayoyin biyu kafin a take wasa, don in samu firem ɗin da zan daidaita su da shi.