Kuɗin Shiri a Maɗaba'a: Yadda Yawan Kwafi Ke Sauya Farashin Kowane Ɗaya

Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar New Town ta birnin Akara, inda shagunan buga takardu suka yi yawa, kuma akasarin masu kawo mana aiki mutanenmu ne na Nima da Mamobi. Tambayar da na fi sha daga bakinsu ita ce, me ya sa fosta ɗari ke cin kuɗi kusan rabin na fosta dubu, alhali yawanta bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba? Amsar tana cikin yadda muke lissafin kowane aiki a dunƙule, wato mu tara duk abin da aikin ya ci, sannan mu raba shi da yawan kwafin da ya fito lafiya. Zan nuna hakan da wani aiki da na lissafa wa shugaban wata makarantar Islamiyya, wanda yake son fostar walimar saukar Alƙur'ani, girman A3, mai launi huɗu, a fuska ɗaya.

Kafin injin ofset, wato injin da ke bugu da faranti da tawada, ya fitar da kwafi ɗaya da za a iya miƙa wa mai aiki, an riga an kashe kuɗi. Mai zane ya tsara fostar a kwamfuta, na sa masa sidi 200. Aka yi faranti huɗu, wato fallayen ƙarfe masu ɗauke da zanen da ake ɗaura wa inji, ɗaya ga kowane launi, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne a sidi 50, ya kama sidi 200. Sai ɗora faranti, wanda shi ne aikin da mai kawo bugu ba ya gani. Injinmu Heidelberg GTO ne mai buga launi ɗaya a lokaci guda, saboda haka takarda takan bi ta cikinsa sau huɗu, kuma kafin kowane launi dole a wanke rola da bargon roba, a ɗaure sabon faranti, a zuba tawada, a daidaita ta da ruwa. Ladan ma'aikata da lantarki da sinadarin wanki na wannan lokaci na ƙiyasta su sidi 300. Na ƙarshe shi ne takardun gwaji: injiniya yana cire takarda yana duba ƙananan alamomin da ke gefenta da gilashin ƙara girma, yana murɗa kusa kaɗan kaɗan, har launukan su hau kan juna daidai, fuskar yaro ta daina fitowa da inuwa ja a gefe. Takardun da suka lalace a haka na sa musu sidi 100. Jimillar kuɗin shiri ta zama sidi 800, kuma ko kwafi goma za a buga ko dubu goma, wannan adadi ba ya motsi.

Ɗaya ɓangaren kuwa yana tafiya ne da yawan kwafi. Takarda mai sheƙi, da tawada, da gudun inji, da yanka, duka na haɗa su suka kama sidi 1 a kan kowace fosta. Waɗannan alƙaluma na shagonmu ne a lokacin da na yi aikin, ban sa riba a ciki ba, kuma farashin takarda yakan sauya duk lokacin da sidi ta motsa a gaban dala, domin shigo da ita ake yi.

Na ɗauki biro na raba 800 ɗin a gaban Malam. Idan kwafi 100 ne, kowace fosta ta ɗauki sidi 8 na shiri, a ƙara sidi 1 nata, ta kama sidi 9, aikin duka sidi 900. Idan 500 ne, rabonta ya sauko zuwa sidi 1.60, ta kama 2.60, jimilla 1,300. A kwafi 1,000 rabon ya zama 0.80, fosta ta kama 1.80, jimilla 1,800. Ya dubi takardar ya ce, "To ɗana, ashe gara kawai mu buga dubu biyar." Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, bari mu ƙarasa lissafin tukuna."

A kwafi 2,000 fosta tana kama 1.40, a 5,000 kuma 1.16. Daga 100 zuwa 500 an samu ragin sidi 6.40 a kan kowace ɗaya, amma daga 2,000 zuwa 5,000, duk da ƙarin kwafi dubu uku da ƙarin sidi 3,000 daga aljihu, ragin 0.24 ne kacal. Dalili shi ne duk lokacin da aka ninka yawan kwafi, rabon kuɗin shiri yakan ragu da rabi, sai dai rabin abu kaɗan ba ya sauya komai, kuma farashi ba zai taɓa sauka ƙasa da sidi 1 na takarda da tawada ba. A ganina, da zarar rabon shiri ya yi ƙasa da kuɗin kwafin kansa, wanda a wannan aiki ya faru bayan kwafi 800, hankalin mai lissafi ya kamata ya koma kan farashin rim ɗin takarda, domin can ne sauran sauƙin yake.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, wato fosta mai kwanan wata ba ta da amfani bayan ranar taro. Da na tambaye shi masallatai da shaguna da gidajen iyayen yara nawa za a kai wa, muka ga buƙatarsa ba ta wuce 700 ba. Da ya buga 2,000 a sidi 2,800 ya yi amfani da 700, kowace fostar da ta hau bango ta tsaya masa a sidi 4. Buga 700 daidai kuwa sidi 1,500 ne, wato kimanin 2.14 kowace ɗaya. Arhar da ke kan takardar lissafi ta kwafin da aka buga ce, shi kuwa kuɗinsa a kan wanda aka yi amfani da shi ya kamata ya auna.

Kishiyar wannan ita ce raba aiki biyu don gudun biyan kuɗi a dunƙule, kuma ina fahimtar mai yin haka, domin makarantun zango da kuɗin iyaye suke tafiya. Sai dai wanda ya buga 500 yau ya dawo neman 500 bayan mako ɗaya zai sake biyan ɗora faranti da takardun gwaji, sidi 400, ko da mun shafa wa farantan gam mun adana su. Dubu ɗin ta tsaya masa a 2,200 maimakon 1,800, kuma da wuya launin bugu na biyu ya yi daidai da na farko. Shi ya sa nake ce wa mai zane ya sa kwanan wata da sunayen baƙi da baƙar tawada zalla a kan farin fili, ta yadda idan an ɗage taro faranti ɗaya za a sake, ba huɗu ba.

Idan aikin ƙarami ne sosai, ba na kai shi injin ofset. Injin dijital ba ya buƙatar faranti, kuɗin zane 200 ne kawai shirinsa, amma kowace fosta tana cin sidi 5. Bambancin shiri tsakanin injinan biyu sidi 600 ne, bambancin kwafi kuma sidi 4, idan aka raba 600 da 4 sai a samu 150. Ƙasa da kwafi 150 dijital ya fi sauƙi, domin fosta 100 a can sidi 700 ce maimakon 900, sama da haka kuma ofset ne ke gaba. Malam ya tsaya a kan 750 don a samu na ajiya da na waɗanda za su zo daga Kumasi, aikin ya kama sidi 1,550 kafin riba, muka ɗora shi a ofset.