Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Muka Raba Kuɗin Makaranta Gida Goma Sha Biyu

A makon jiya na tsaya ne a kan komawarmu gidan haya na unguwar Tudun Wada a Zariya, lokacin da nake aikin akawu kuma albashina bai wuce naira 85,000 ba. Yau zan ba da labarin abin da ya same mu a watan Satumba na 2016, domin daga wannan watan ne muka sauya yadda muke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanmu uku.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo ranar 12 ga Satumba, wato dab da komawar yara zangon farko, kuma kayan masarufi sun yi tsada ƙwarai. Na sayi ragon layya, an yi wa yara ɗinki, albashin Agusta ya ƙare tas. Sai ga takardun makaranta sun iso. 'Yar farinmu za ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana aji huɗu na firamare, auta kuma zai fara aji ɗaya. Da na haɗa lissafi sai na ga ana nemana da naira 132,000, ni kuwa abin da ke hannuna bai kai dubu ashirin ba. Bayan mako biyu da komawa aka koro yarinyar gida da rana tsaka, ta shigo ta ajiye jakarta a bakin ƙofa ba ta ce da kowa uffan ba. Sai da na ci bashi a wurin wani abokin aikina, maiɗakina kuma ta sayar da akuyarta, sannan yarinyar ta koma aji.

A daren da aka kammala biyan ne maiɗakina ta ɗauko tsohon littafin da take rubuta awon masu kawo mata ɗinki, ta ce: "Malam, tun da aka sa yaran nan a makaranta ba a taɓa ɓoye mana ranar biya ba, amma kullum sai ta zo mana kamar gobara. Rubuta mini abin da muke kashewa a shekara gaba ɗaya, in gani da idona." Ban taɓa yin wannan lissafi ba, duk da cewa lissafin kuɗin gwamnati ne sana'ata, kuma har yau abin yana ba ni kunya idan na tuna.

Kuɗin zango na babbar naira 28,000 ne, ƙannenta biyu kuma 18,000 kowanne, wato 64,000 ke nan a kowane zango. Ƙananan abubuwa, irin su kuɗin Islamiyya da na ƙungiyar iyaye da malamai da takalmin da ke tsinkewa, suna cin kimanin dubu takwas a zango. Abin da ke kumbura zangon farko shi ne rajistar sabon aji da littattafai da ɗinkin kayan makaranta, waɗanda suka kai 60,000. Saboda haka zangon farko 132,000 ne, na biyu da na uku 72,000 kowanne, jimillar shekara 276,000. Da muka raba wannan gida goma sha biyu sai ya ba mu 23,000 a wata, abin da albashina da ɗinkinta za su iya ɗauka idan aka matse.

Amma akwai tarko a cikin wannan lissafi, kuma mun faɗa cikinsa. Idan aka ajiye 23,000 daga albashin Satumba zuwa na Disamba, za a tara 92,000, a biya 72,000 a Janairu, a ga ragowar dubu ashirin. Haka zai sake faruwa a ƙarshen Afrilu, ragowar ta zama dubu arba'in. Wannan ragowa ba rara ba ce, ita ce za ta haɗu da 92,000 na Mayu zuwa Agusta ta cika 132,000 na zangon farko daidai wa daida. A Janairun 2017 na ga dubu ashirin zaune, wani ɗan'uwa ya zo da larurar asibiti, na ba shi, ina ce wa kaina ai makaranta an riga an biya. Ban yi nadamar taimakon ba, sai dai Satumba ta zo da giɓi, ga kuma makarantar ta ƙara kuɗi, ga Sallah ta sake faɗowa a farkon watan. Tun daga lokacin muke ɗora kashi ɗaya cikin goma a kan lissafin bara, kuma kuɗin suka koma wani asusu na banki da sunan maiɗakina, wanda da gangan ba mu karɓi katinsa ba.

Mun kuma shiga adashin mutum goma a unguwa, zubi dubu goma a wata, muka roƙi uwar adashi ta sa mana kwasa a Agusta. Ya yi mana amfani shekara biyu, a ta uku mutum biyu suka yi jinkirin zubi har sai da makaranta ta yi mako uku da buɗewa. Daga nan na daina ɗora kuɗin zango a kan adashi, na bar shi ga littattafai da ɗinki, waɗanda za su iya jira ba a koro yaro ba.

Abu na biyu da muka yi a littafin nan ya fi na farko tasiri, ko da yake a lokacin na ɗauke shi wasa. Mun ja layi mun jera shekaru daga 2016 zuwa 2028, muka rubuta ajin da kowane yaro zai kasance a kowace shekara. Da yake tazarar aji uku ce tsakaninsu, makarantar kuma shekara shida ce a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, sai muka ga manyan kashe-kashensu suna haɗuwa duk bayan shekara uku. A 2019 babbar za ta shiga babbar sakandare yayin da ƙaninta ke shiga ƙarama. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 kuwa za a biya mata WAEC da NECO da JAMB, ƙaninta yana da jarrabawar kammala aji uku, auta kuma yana da ta fita firamare, bayan 'yan watanni kuma dukansu uku su shiga sabon mataki. Maiɗakina ta zagaye wannan shekara da jan biro ta ce: "Malam, wannan ba albashi zai biya ta ba."

Don haka muka fara kiwo da tunkiya biyu a wurin ƙanina a ƙauye, bisa sharaɗin a raba 'ya'yan da suka haifa tsakaninmu. Ajiye takardar kuɗi tsawon shekara biyar bai kwanta mini ba, domin na ga yadda darajar naira ta zube a 2016, dabba kuwa farashinta yana tafiya tare da kasuwa. Ɗaya ta mutu a daminar farko, har na so in janye, amma kafin 2021 rabonmu ya kai tumaki bakwai. Rufe makarantu da aka yi a Maris na 2020 saboda annobar korona ya rikita kalandar zanguna, har wasu biyan suka matso kusa da juna fiye da yadda muka tsara, duk da haka raguna uku da muka sayar gab da Babbar Sallar 2021 su ne suka biya jarrabawowin nan ba tare da na ci bashin ko sisi ba.

Ƙarin kashi ɗaya cikin goma da muka dogara da shi ya riƙe mu har zuwa Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur, kuɗin adaidaita sahu na kai yara da dawo da su ya nemi ya kamo kuɗin zangon kansa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka yanke shawarar sauya wa auta makaranta, da irin muhawarar da hakan ta jawo tsakanina da mahaifiyarsa.