Yadda muka nemo wa manhajar farashin amfanin gona suna

Aikin manhajar ba shi da yawa. Wakilanmu a Dawanau da Giwa da Maigatari da Mai'adua suna turo farashin buhu da na tiya, na masara da gero da dawa da wake da riɗi, mu kuma mu tantance mu aika wa manomi, ko dai a cikin manhajar ko ta saƙon tes ga mai ƙaramar waya. Mu uku muka haɗa ta, kuma har muka kusa gamawa ba ta da suna.

A zama na farko ba mu sa wani sharaɗi ba. Kowa ya faɗi abin da ya zo masa a baki, ni ina rubutawa: Farashi, Kasuwar Manomi, Dillali, Tiya, Rumbu, Kaka, Riba, Albarka, Ƙididdigar Gona, Ɗan Aike, Nawa Yau, da wasu na Turanci. Na Turancin muka fara zubarwa, domin mutumin da muke so ya riƙe sunan yana iya kasancewa bai taɓa ganinsa a rubuce ba, a rediyo ya ji ko a bakin maƙwabci.

Zagaye na biyu na'ura ce ta yi mana hukunci, ba ra'ayi ba. Play Store yana karɓar suna har harafi 30, amma sunan da ke fitowa a matsayin mai aiko da saƙon tes ba ya wuce harafi 11, kuma haruffan boko na yau da kullum kawai yake ɗauka. Kasuwar Manomi ta faɗi a nan saboda tsawo. Sai batun haruffa masu lanƙwasa, wanda ya fi ba ni takaici domin namu ne. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ciki ko da sau ɗaya, tsarin rubutun yakan sauya ya koma harafi 70 kacal. Saƙon da zai tafi a guda sai ya rabu biyu ko uku, kuɗin aikawa ya ninka, kuma sunan manhaja yana cikin kowane saƙo. Ga shi mutane da yawa ba su da waɗannan haruffa a madannin wayarsu, sai su rubuta Dan Aike a wurin bincike. Ƙididdigar Gona da Ɗan Aike suka fita tare.

Da sauran sunayen na nufi Dawanau, kuma wannan zagayen ne ya fi koya mini abu. Ban tambayi kowa wane suna ya fi masa daɗi ba, don kara za ta sa a yabi duk wanda aka ga kana so. Abin da na yi shi ne in ambaci suna sau ɗaya, ba tare da bayani ba, in tambayi mutum me yake zaton abin ke yi. Sai mu ci gaba da wata hirar, can daga baya in ce ya tuna mini sunan. In ya iya rubutu, in miƙa masa wayata ya rubuta yadda ya ji.

Rumbu ya yi daɗin faɗa kuma kowa ya riƙe shi, sai dai kusan duk wanda na tambaya ya ɗauka wurin ajiyar hatsi muke bayarwa haya. Albarka kuwa sunan shaguna da motoci da injinan niƙa ne ba iyaka, ba ya nuna komai. Kaka lokacin girbi muke nufi, amma kalmar tana da wata ma'anar, sai wani matashi ya karanta ya ce ko manhajar tsofaffi ce. Tiya na so ƙwarai, gajere ne kuma na kasuwa tsantsa. Wani mai awo da ya zo daga wajen Saminaka ya ce su mudu suka sani, kuma ko inda ake cewa tiya ba lallai girmanta ya zama ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa ba. Sunan da zai sa mutum ya ji ba don garinsu aka yi abin ba, bai dace da manhajar da ke son ƙetare jihohi ba.

Dillali ne ya fi jawo magana. Abokan aikina suna ganin ya dace, tunda dillali shi ne ya san farashi. Wani dattijo da ya kawo wake ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, to la'adarku nawa ce a buhu?" Na ce, "Baba, ba ma karɓar la'ada, farashi kawai muke faɗa." Ya ce, "In ba ku karɓa, me ya sa kuka ce ku dillalai ne?" Ban sami amsa ba, domin gaskiyarsa. Manomin da yake neman sanin farashi kafin ya ɗora kaya a mota yana nema ne don kada ya dogara da bakin dillali kaɗai.

Daga nan muka ƙara sharaɗin da ba ya cikin tunaninmu tun farko: kada sunan ya ɗauki alkawarin da manhajar ba za ta iya cikawa ba. Riba ta fita nan take. Farashin masara yana faɗuwa da kaka idan sabuwa ta shigo, wani lokaci kuma mai ajiya ya jira bazara farashin ya ƙi tashi, mu ba mu da iko da wannan. Ƙari a kan haka, kalmar tana tuna wa wasu kuɗin ruwa, abin da ba mu so a alaƙanta mu da shi ko da wasa.

Wannan sharaɗin ne kuma ya kayar da wanda muka fi so, Nawa Yau. Dawanau tana ci kullum, amma Maigatari ranar Alhamis take ci, Mai'adua ranar Lahadi. Wanda ya buɗe manhaja ranar Talata ya duba gero a Maigatari, farashin kwana biyar da suka wuce zai gani. In sunan yana ce masa na yau ne, ya yi hayar mota ya je ya tarar an sauya, mu zai zarga, kuma yana da hujja. Muka cire "yau", sunan ya koma Nawa Ne, muka kuma yanke cewa kowane farashi zai fito da ranar da aka ɗauke shi a gefensa.

Saura biyu, Farashi da Nawa Ne. Lauyar da muka tuntuɓa ta ce rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban take da rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin rajistar tambura na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, inda manhajar waya ke shiga aji na 9. Ta ce kalmar da take bayyana kayan kai tsaye, irin Farashi, da wuya a mallaka wa mutum ɗaya ita. Ko a wurin bincike ma, duk wanda ya rubuta ta zai ga tarin abubuwan da ba namu ba.

Nawa Ne shi ma yana da fuska biyu a rubuce, ana iya karanta shi a matsayin tambayar farashi ko kuma a ce abin mallakina ne. Mun gwada shi kamar yadda muka gwada Kaka, sai muka ga bambancin: duk yadda mutum ya karanta, ba ya kai shi ga zaton wani aiki da ba mu yi. Muka haɗe shi ya zama `NawaNe`, harafi shida, muka ƙara "Farashin Hatsi" a bayansa a Play Store don masu bincike, sannan muka miƙa wa lauyar ta bincika ko wani ya riga mu rajista kafin mu biya mai zana tambari.