Daƙiƙa goma sha biyar ba ta ɗaukar alkawari biyu

Ina aikin ɗaukar bidiyo da tacewa a Agege da ke Legas, yawanci bukukuwa da walima, wani lokaci kuma ƙananan tallace-tallace na masu shago. A cikinsu babu wanda ya koya mini rubutu kamar tallan wata rumfar gyaran keke a unguwarmu, ta wani dattijo da kowa ke kira Baba mai faci. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kekuna suka yawaita a titi, musamman na samarin da ke kai saƙon abinci, ɗan Baba kuma ya ce a yi musu ɗan bidiyon da za a riƙa ɗorawa a WhatsApp. Tsawonsa daƙiƙa 15.

Kafin in rubuta komai, lissafi nake fara yi. Mutum mai karanta Hausa a natse, yadda za a fahimce shi ta lasifikar waya, yana furta kalma biyu zuwa biyu da rabi a daƙiƙa. Ke nan kalma talatin da 'yan kai, idan bai numfasa ba, alhali hoto ma yana bukatar wurin da zai yi magana shi kaɗai. Don haka nake tsayawa a kan kalma 25 zuwa 30. Ƙirga su a takarda bai isa ba, sai an karanta da ƙarfi ana duba agogo, domin "taya" da "gyare-gyare" duk kalma ɗai-ɗai ne amma lokacinsu a baki ya bambanta.

Baba kuwa ya zo da nasa jerin. Yana so a fara da cikakkiyar sallama, a faɗi daɗewarsa a sana'ar, a ambaci birki da sarƙa da sifok da boris da daidaita rim, a karanta lambar waya, a rufe da addu'a. Na karanta masa duka a gabansa da agogo a hannu, muka haura daƙiƙa arba'in. Lambar waya kaɗai, mai alƙaluma 11, tana cin kusan kashi uku bisa goma na daƙiƙa 15 ɗin idan ana so mai sauraro ya kama ta, kuma ba zai kama ba. Sai na ce, "Baba, a cikin masu tsayawa nan, me ya fi kawo su?" Ya ce, "Faci mana, ɗana. Sauran ai sai keke ya zo hannuna nake ganinsu." Nan tallan ya samu ƙafa. Wanda tayarsa ta sace da kwalin abinci a baya, abu biyu kawai yake son sani: ina ne, kuma zan daɗe?

Na raba takarda gida biyu, hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji, kowane layi da lokacinsa. Daga farko zuwa daƙiƙa 3, tub a nutse cikin kwanon ruwa, kumfa na tasowa daga wurin hujin, murya ta ce: "Tayarka ta yi faci?" Duk mai keke ya san wannan kumfar, tana tsayar da yatsa kafin ya wuce. Daga 3 zuwa 9, hannun Baba kawai ake gani a kusa, yanka uku na daƙiƙa bibbiyu: yana kankare wurin, yana danna facin, yana ba da iska da famfo. Murya: "Kawo ta wurin Baba. Kana tsaye za a liƙe, a ba ta iska, ka wuce." Daga 9 zuwa 12 kyamara ta ja baya, ga Baba ya ɗaga hannu, ga rumfar, ga hasumiyar masallacin unguwa a bayansa. Murya ta faɗi kwatance a kalma shida ko bakwai. Daƙiƙa ukun ƙarshe babu magana, mai keke ya hau ya tafi, ƙararrawa ta kaɗa. Lambar waya a rubuce take, ta bayyana tun daƙiƙa 10 ta tsaya har ƙarshe, don mai so ya danne allo da yatsa ya kwafa.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne alkawarin. Ɗan Baba ya so a ce "cikin minti biyar". Baba ya girgiza kai. Bayan an kankare an shafa sholisho, dole a jira ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a ɗora faci, in ba haka ba zai ɗaye a hanya. Sannan sai an shafa cikin taya da yatsa a nemo ƙusar ko gilashin da ya yi hujin, don idan yana nan sabon huji zai yi. Idan kuma tub ɗin ya yage a gindin bawul, faci ba ya riƙe wurin, sai canji, a tayar baya kuma sai an kwance ƙafar duka. Minti biyar ƙarya ce da abokin ciniki zai kama a ranar farko, a unguwar da kowa ya san kowa. "Kana tsaye" gaskiya ce a yawancin lokuta, kuma ba ta ɗaure Baba da agogo. Farashi ma mun cire shi daga murya, saboda kuɗin kaya na canzawa, bidiyo kuma yana yawo wata da watanni. Ana rubuta shi a ƙasan saƙon duk ranar da aka ɗora.

Maganar sallama ta ɗan yi nauyi, kuma ban ga laifin Baba ba, dattijo ne, faɗa wa mutane da magana ba gaisuwa bai yi masa daɗi ba. Amma daƙiƙa biyun farko su ne ke yanke hukuncin ko za a kalla ko za a wuce. Muka daidaita a kan ɗaga hannun nan nasa, sallamar kuma ta koma rubutun da ke raka bidiyon.

Sauran aikin na fasaha ne. A tsaye ake ɗauka, 9:16, rubutu kuma a tsakiyar allo, domin sama da ƙasa manhaja na rufe su da suna da maɓallai. Ba a naɗar murya a bakin titin Agege, inda janareta da hon ɗin danfo za su cinye ta. A ɗaki na naɗe, na ɗora daga baya. Da safe muka ɗauka, muka fito da kwanon ruwan bakin rumfa saboda cikinta duhu ne. Tambarin kamfanin da ke kan kwalin yaron da ya hau keken, mun rufe shi.

Kafin in miƙa aiki, nakan kashe sauti in nuna wa wanda bai san rumfar ba, sau ɗaya tak, in tambaye shi me ake yi a nan da kuma ina ne wurin. Mutane da yawa a cikin mota ko wurin aiki suke kallo ba sauti, kuma rabin masu tsayawa wurin Baba Yarabawa ne da Ibo da ba sa jin Hausa. Kumfar da famfon sun amsa musu tambayar farko. Ta biyu sai da muka tsawaita hoton masallacin da daƙiƙa ɗaya, muka rage ta daga na mai keken da ke tafiya.