Kuɗin shekara da aka biya a gaba: abin da na koya game da rarraba shi wata-wata

A ƙarshen watan Satumba na 2022, lokacin ban cika shekara ba a matsayin akanta a wani ƙaramin kamfani da ke ba ofisoshi da makarantu layin intanet a Kano, wata makaranta mai zaman kanta ta nemi ta biya kuɗin shekara guda a dunƙule domin ta huta da biyan wata-wata. Muka fitar mata da takardar neman biya ta naira 2,400,000, aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 180,000, jimla ta kama naira 2,580,000. Makarantar ta biya ranar 28 ga Satumba, yarjejeniya kuma ta ce aiki zai fara ranar 1 ga Oktoba 2022 ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2023. Da na ga kuɗin sun shiga banki, sai na ware harajin gefe, na rubuta sauran naira 2,400,000 ɗin gaba ɗaya a matsayin kuɗin shiga na watan Satumba. A lokacin ban ga aibin hakan ba, domin takarda ta fita, abokin ciniki ya biya, kuɗi kuma ga su a asusunmu.

A watan Fabrairu na 2023 masu binciken kuɗi suka zo duba littattafanmu na shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Shugabar tawagar, wata dattijuwa da ta daɗe a wannan aiki, ta ɗauki yarjejeniyar makarantar ta ajiye kusa da abin da na rubuta, sannan ta tambaye ni: “Malam, a ranar 30 ga Satumba, kwana nawa kuka ba makarantar nan intanet?” Na ce, “Hajiya, ko kwana ɗaya ba mu ba su ba, sai washegari aka kunna layin.” Ta ce, “To me kuka sayar musu a Satumba?” Ba ni da amsa, domin ba mu sayar musu da komai ba. Abin da muka yi shi ne mun karɓi kafin alƙalami na aikin wata goma sha biyu, kuma duk wanda ya taɓa ba tela kuɗin ɗinki tun kafin azumi ya san cewa kuɗin nan nauyi ne a wuyan tela har sai ya miƙa kaya.

Ƙa'idar lissafi da ake kira IFRS 15, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, a kan wannan tunani aka gina ta. Ana ƙirga kuɗin shiga ne a lokacin da kamfani ya cika alkawarin da ya ɗauka wa abokin ciniki, ko a take idan kaya ne aka miƙa, ko a hankali idan aiki ne da mai saye yake amfana da shi kullum. Ranar da aka buga takardar neman biya da ranar da kuɗi suka shiga banki ba su ne ke yanke wannan hukunci ba. Kuɗin da aka karɓa kafin a yi aiki ana ajiye su ne a ɓangaren basussukan da ke kan kamfani, a asusun da manhajar lissafinmu ta sa wa suna `Deferred Revenue`. Bashi ne na aiki: makarantar tana bin mu intanet na shekara guda, kuma da mun kasa ba ta, da kuɗinta za ta nema.

A rubutun da ke ƙasa, `Dr` na nuna kuɗin da suka shiga banki ko bashin da ya ragu, `Cr` kuma bashin da ya hau kanmu ko kuɗin shiga da aka ƙirga. Ga yadda ya kamata in rubuta shi tun farko, sannan ga abin da ya kamata in maimaita a ƙarshen kowane wata daga Oktoba:

```
28/09/2022
Dr Bank               2,580,000
Cr Deferred Revenue   2,400,000
Cr VAT Payable          180,000

31/10/2022
Dr Deferred Revenue     200,000
Cr Revenue              200,000
```

Naira 2,400,000 idan aka raba su gida goma sha biyu, kowane wata yana samun naira 200,000. Zuwa 31 ga Disamba mun yi aikin wata uku kacal, don haka haƙƙinmu na wannan shekara naira 600,000 ne, sauran naira 1,800,000 kuma bashi ne da za mu tsallaka da shi zuwa 2023. Kuskurena ya kumbura kuɗin shiga da ribar 2022 da naira 1,800,000 daga yarjejeniya ɗaya tak, ya kuma ɓoye bashin da ya kai wannan adadi. Allah ya taimake mu ba a riga an sa hannu a rahoton shekara ba, sai aka mayar da naira 1,800,000 ɗin daga kuɗin shiga zuwa asusun bashi da kwanan watan 31 ga Disamba.

Gyaran takarda bai ɗauki minti goma ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da rahotannina na wata-wata suka riga suka jawo. Mai kamfanin ya ga Satumba ta yi riba mai tsoka, ya amince da wasu kashe-kashe bisa wannan riba, sannan ya ga watannin da suka biyo baya kamar ana asara, alhali ba abin da ya canza a harkar. Dalili kuwa a fili yake: kuɗin layin da muke saya daga manyan kamfanoni, da albashin ma'aikata, da dizal ɗin da ya yi tsada ƙwarai a waccan shekarar, duk wata-wata suke zuwa, ni kuma na tattara ladan aikin shekara na jibge a wata ɗaya. Da na je yi masa bayani, ya ce, “Amma ai kuɗin suna banki.” Na ce, “Ranka ya daɗe, suna banki, amma da su za mu biya dizal da albashi na watannin da suka rage, domin makarantar ba za ta sake ba mu ko kwabo ba sai Oktoba.” A ganina wannan ne babban amfanin asusun: yana nuna wa mai dukiya nawa ne daga cikin abin da yake gani a banki bai zama nasa ba tukuna.

Akwai wani abu da ya rikita ni da farko, wato harajin VAT. Na ɗauka tunda za a rarraba kuɗin shiga, shi ma harajin za a rarraba shi. Ba haka ba ne. Harajin yana bin lokacin da aka fitar da takardar neman biya ko aka karɓi kuɗi, don haka naira 180,000 ɗin nan gaba ɗaya na Satumba ne, kuma ana miƙa su ga hukumar haraji kafin 21 ga Oktoba ta wuce. Wannan yana nufin cinikin da aka bayyana wa hukumar haraji a wata ba zai yi daidai da kuɗin shiga na littafi a wannan watan ba, kuma dole akanta ya iya nuna inda bambancin ya fito idan an tambaye shi. Haka nan kuɗin da ake rabawa gida goma sha biyu su ne waɗanda babu haraji a cikinsu. Wanda ya raba 2,580,000 zai riƙa rubuta 215,000 a wata, ya mayar da kuɗin gwamnati ribar kamfani.

Bayan binciken na buɗe jadawali guda da ya ƙunshi duk yarjejeniyoyin da aka biya a gaba. Kowane layi yana ɗauke da lambar takardar neman biya, da adadin kuɗi ban da haraji, da ranar fara aiki, da ranar ƙarewa, da abin da aka ƙirga zuwa yanzu, da abin da ya rage. A ƙarshen kowane wata ina haɗa abin da ya rage a dukkan layukan in gwada shi da abin da ke cikin asusun bashin a babban littafi, kuma ba na rufe watan sai sun zo daidai. Idan littafi ya fi jadawali, yawanci na manta rubuta rabon wani wata ne, ko an shigar da sabon biya ba a buɗe masa layi ba. Idan jadawali ya fi littafi, to an rubuta rabon wata sau biyu, ko wani ya tura sabon biya kai tsaye zuwa kuɗin shiga kamar yadda na yi. Yarjejeniyar da wa'adinta ya ƙare amma har yanzu tana da saura ita ma alama ce ta matsala.

Ranar fara aiki ita ce na koyi in bincika da kaina, domin ba kullum take dacewa da abin da ke takarda ba. Wani ofishi ya biya a watan Fabrairu, amma ba a kunna layinsa ba sai 16 ga Maris saboda jinkirin kafa na'ura. Kuɗinsa ma naira 2,400,000 ne, sai na raba su da kwana 365, kowace rana ta kama kimanin naira 6,575, kwana 16 na Maris kuma suka ba da naira 105,205. Wasu kamfanoni suna ƙirga cikakken wata daga watan da aka fara, wasu suna bin kwanaki. Idan adadin ba shi da yawa bambancin ba ya sauya hoton rahoto, amma wajibi ne a zaɓi hanya ɗaya a rubuta ta a tsaya a kanta, kada a riƙa sauyawa gwargwadon ribar da ake son gani. Ni na fi son bin kwanaki, kuma tun daga lokacin ba na fara ƙirga komai sai ma'aikatan fasaha sun ba ni takardar da abokin ciniki ya sa hannu cewa layi ya fara aiki.

Rabon daidai-wa-daida yana da iyaka. Ya dace da intanet ne saboda makarantar tana samun abu iri ɗaya kowace rana, ko ta yi amfani da shi ko tana hutu. Idan a cikin takarda ɗaya an haɗa da na'urar da aka sayar wa abokin ciniki ta zama mallakinsa, kuma tana iya yi masa amfani ita kaɗai, to wannan alkawari ne daban: ana ware mata rabonta bisa farashin da ake sayar da ita ita kaɗai, a ƙirga shi ranar da aka miƙa ta, sauran ne ake shimfiɗawa a kan watanni.

Makarantar da na fara da ita ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Ta koma sabon gini inda layinmu bai kai ba, ta nemi a soke yarjejeniya daga 31 ga Mayu 2023, kuma sharuɗɗanmu sun yarda a mayar da kuɗin watannin da ba a yi aiki ba. Daga Oktoba zuwa Mayu wata takwas ne, wato naira 1,600,000 da muka riga muka ƙirga, jadawali kuma ya nuna saura naira 800,000. Na fitar da takardar rage bashi ta naira 800,000 tare da harajinta na naira 60,000, aka mayar wa makarantar naira 860,000. Naira 800,000 ɗin daga asusun bashi suka fita, ba a taɓa kuɗin shiga na kowane wata ba, layin makarantar a jadawali kuma ya koma sifili.