Tankin da ba ya tumbatsa sai da dare

Talata, Garwa.

Aikin yau na wani gida ne a Yelwa. Tankin roba mai cin lita 1000, a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita biyar, ruwan famfo ke cika shi. Maigidan ya kira bayan Asuba, ya ce kwana goma ke nan kullum suna wayar gari tsakar gida ta zama fadama, ga gansakuka ta fara kama ƙafar hasumiyar. Da rana kuwa ko ɗigo babu. An taɓa kawo wani ya duba da hantsi, ya hau inda fulotar take, wato na'urar da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ya ɗaga sandarta da hannu, ruwa ya tsaya cak, ya ce lafiya lau take, ya sauko.

Wannan gwajin na ɗaga sanda shi ne kowa ke fara yi, ni ma da shi na fara, amma yana ruɗin mutane. Hannun mutum ya fi ƙwallon da ke kan ruwa yana ɗaga sandar ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka ɗaga ruwa ya tsaya, abin da ka gano kawai shi ne fulotar na iya rufewa in an matse ta da ƙarfi. Ba ka gano ko ƙwallon na iya ba da wannan ƙarfin ba. Ga kuma lokaci: da hantsi duk unguwa na jan ruwa, da ƙyar yake hawa tankin. Kowane mita goma na tsawo yana cin bar ɗaya na ƙarfin ruwa, mita biyar ɗin nan sun cinye rabin bar tun kafin ruwa ya iso bakin tanki. Sai dare ya raba, kowa ya rufe famfo, ƙarfin ya taru a tiyo, lokacin ne fulotar ke haɗuwa da ainihin aikinta.

Na hau da yarona muka buɗe murfi. Fulotar tagulla ce ta rabin inci, wadda a shago ake ce wa 15/21. Gininta ba wuya: jikin tagulla da ke ratsa bangon tanki an ɗaure shi da noti, a cikinsa akwai ɗan ƙaramin baki da ruwa ke fitowa, gaban bakin akwai fistin mai ɗauke da 'yar roba, sai sanda da ke juyawa a kan ƙusa mai baki biyu, a ƙarshenta ƙwallo. Ruwa ya hau, ƙwallo ya hau, gindin sanda ya tura fistin, roba ta toshe baki. Shi ke nan. Duk tumbatsar da ake yi, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya gaza.

Abu na farko da ido ya nuna mini shi ne zaman ƙwallon. Ƙwallo mai lafiya yakan zauna sama-sama, yawancin jikinsa a waje. Wannan ya nutse har ya wuce rabi, ga layin datti a jikinsa yana nuna ya daɗe a haka. Na rufe makullin ruwa na ƙasa, na kwance shi daga sanda, na girgiza a kunne. Sai ƙara kamar an girgiza kwakwa. Tsagar tana daidai inda aka haɗa rabi da rabi, siririya kamar gashi, sai da na matsa da yatsa ta nuna kanta. Murfin tankin ya fashe a gefe, rana na dukan ƙwallon kai tsaye, kuma ranar Afrilu a Garwa ba ta barin roba da rai. Da rana iskar da ke cikin ƙwallo ta yi zafi ta fita ta tsagar, da dare ta huce ta zuƙo ruwa a madadinta. Kaɗan-kaɗan har ya yi nauyi. Wanda tsagarsa ta ƙi ganuwa, a tsoma shi cikin bokitin ruwa mai ɗumi, kumfa za ta nuna wurin.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Ƙwallo mai faɗin santimita 12 cikinsa bai cika lita ɗaya ba, kimanin 0.9, don haka iyakar abin da zai iya ɗagawa bai kai kilo ɗaya ba, ko da ya nutse duka. Na huda wannan na tsiyaye shi a gora, ruwan ya kusa rabin lita. Kusan rabin ƙarfinsa ya tafi ke nan. Don ya ba da matsin da zai rufe baki, sai ya ƙara nutsewa, wato sai ruwan tanki ya ƙara hawa, kuma kafin ya kai inda zai rufe ya riga ya iske tiyon fitar da rara ya bi ta can.

Maigidan na ƙasa yana kallo, ya ce, "To Malam, ƙwallo ne kawai ke nan, a sayo sabo." Na ce, "Alhaji, a bari in ga cikinta tukuna, kada in sauko in sake hawa gobe."

Na miƙe ƙafafun ƙusar da filaya na zare ta, sanda ta fito, na kwance murfin gaba na jawo fistin. Gara mutum ya sa yaro ya tara roba ko hula a ƙasa, domin ƙusar nan in ta faɗa tanki sai an kwashe ruwa. Robar fistin ta bushe ta yi tauri, ga zobe da bakin ya sassaƙa a fuskarta, kuma a cikin zoben wata ƙwayar yashi ta lume kamar an dasa ta. Yashin nan yana zuwa ne duk lokacin da aka ɗauke ruwa aka dawo da shi, ruwan farko ke kwaso abin da ya kwanta a tiyo. Ƙwaya ɗaya ta isa ta hana roba zama daidai. Da an sa sabon ƙwallo an bar wannan robar, da tumbatsar ta ragu ta koma ɗiga, bayan mako biyu a ce mai gyara bai iya aiki ba.

A nan ne ake yanke shawarar gyara ko sauyawa, kuma bakin tagullar ke yanke ta. Na haska da fitilar waya, na zagaya farcena a kan leɓensa. In farce ya maƙale a wata 'yar tsaga, to ruwa mai yashi ya riga ya yanka hanya a cikin tagullar, kuma babu robar da za ta toshe ta, sai a sauya fulotar ɗungurungum. Wannan sumul yake, sai ɗan farin ɓawo da na goge da samfefa mai laushi. Saboda haka roba da ƙwallo kawai na aika a sayo. Akwai masu juya tsohuwar robar su yi aiki da bayanta, yana kai mutum kwana biyu in ba ta bushe ba. Masu yanko ta daga tsohon tub ɗin babur kuwa ban yarda da su ba, ta yi laushi kuma ta yi siriri, ba ta daɗewa take yagewa.

Kafin in mayar da fistin na ce yaro ya buɗe makulli na kamar rabin minti, na tara bokiti a bakin. Ruwan bai da ƙarfi, amma sai da ya bar yashi kusan cokalin shayi a gindin bokiti. Mutane na tsallake wannan matakin, su ɗaura sabuwar roba, ruwan farko ya sake dasa mata tsakuwa.

Da na haɗa komai sai na lura jikin fulotar ya ɗan karkace, notin baya ya saki. In ta karkace, sanda ba ta hawa a miƙe, tana gogar gefen ramin ƙusa, wani lokacin ma ƙwallo ya jingina da bangon tanki ya maƙale. Na daidaita ta har bakin zubar ruwa ya kalli ƙasa sosai, na riƙe jikin da sifana ɗaya na ɗaure notin da ɗaya. Tankin roba ba a yi masa ɗaurin ƙarfi, bango na iya tsagewa.

Saura matakin ruwa. Tiyon fitar da rara na ƙasa da fulotar, haka ya kamata, kuma na inci ɗaya ne, ya fi na shigowa girma, wanda ya haɗa shi ya san aiki. Amma a da an saita ruwa ya tsaya yatsa ɗaya kacal ƙasa da shi. Na cire sandar na lanƙwasa ta ƙasa kaɗan da hannu biyu a tsakiyarta. Ba a lanƙwasa ta tana ɗaure, domin duk ƙarfin zai sauka a kan roba da ƙusa. Ƙwallo ya yi ƙasa, ruwa zai tsaya da wuri. Na bar santimita biyar tsakanin inda zai tsaya da bakin tiyon. Tankin faɗinsa kusan mita ɗaya ne, kowane santimita na ɗaukar kusan lita takwas, wato an sadaukar da lita arba'in. Alhaji ya ɗan yi ƙorafi a kan haka. Na tambayi Hajiya ko ta taɓa tara ruwan da ke zuba, ta ce cikin dare gorar lita ɗaya da rabi takan cika a minti uku. Rabin lita a minti, lita talatin a awa, in ya yi awa biyar lita 150 kowane dare, a wata mita kub huɗu da rabi, wato lita 4500, kuma duk ya bi ta mitar ruwa an rubuta. Bai ƙara magana a kan lita arba'in ba.

Ya tambaya ko irin wannan fulotar za ta yi wa gidan ƙaninsa mai rijiyar burtsatse. Ba za ta yi ba ita kaɗai. In injin ne ke tura ruwa, fulotar ta rufe amma injin na ci gaba da aiki a kan rufaffen tiyo, ya yi zafi ko tiyo ya fashe. Can ƙwallo mai wayar lantarki ake sawa, wanda ke kashe injin da kansa.

Na ɗaura ƙaramin mataci mai raga a tiyon hawa, bayan makulli, inda hannu ke kaiwa daga ƙasa, na nuna wa babban ɗan gidan yadda zai kwance ya wanke ragar duk bayan an ɗauke ruwa. Bakin tiyon rara na ɗaure shi da gidan sauro. Murfi kuma na ce a sayi sabo a makon nan, yau dai mun rufe fashewar da buhu.

Da yake ciwon na dare ne, gwajin ma sai dare. Na koma wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ruwa ya dawo da ƙarfi har tiyo na rawa. Muka jira tanki ya cika. Ƙarar zubar ta yi ta sirancewa, ta koma tsiyaya, ta ɗauke. Na danna ƙwallo ƙasa na saki sau uku, kowane karo ya rufe da kansa. Na sa alama da alli a cikin bango daidai fuskar ruwa, aka rufe duk famfunan gida, na sauko na haska mita. Ƙaramar allurar da ke juyawa ko da ɗiga ake yi tana tsaye. Bayan minti ashirin yaro ya sake hawa, ya ce ruwa na nan a kan alli. Na rubuta lambar mita a takarda na ba Alhaji, zai karanta mini ita ta waya kafin a buɗe famfon alwalar Asuba.